Lissafin “Shekarar Mutum”: Shin Lamba Za Ta Iya Tsayar Da Lokacin Aure A Ƙasar Yauri?

A ƙasar Yauri, daga Yelwa zuwa Wara da Shanga da ƙauyukan gaɓar tafkin Kainji, an daɗe da sanin abubuwan da ke tsayar da lokacin aure. Manomi yakan jira kaka ta yi, shinkafa ta shiga buhu. Mai albasa yakan jira ya kwashe amfanin rani ya kai kasuwa. Masunci da ɗan kasuwar kifi sukan dubi yadda ruwa ya yi albarka. Iyaye kuma sukan so amarya ta tare kafin azumi ya kama. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilin da ido ke gani.

Sai dai wayar hannu ta zo da wani ma'auni na daban. Akwai manhajoji da bidiyoyi, galibinsu cikin Turanci, da ke koya wa saurayi ko budurwa yadda za su fitar da “lambar shekararsu” daga ranar haihuwa, sannan a ce musu bana shekarar neman aure ce, ko kuwa a dakata sai baɗi, ko ma sai bayan shekara biyar. Turawa na kiran wannan fanni numaroloji, wato neman ma'anar ɓoye a cikin lambobi. Tunda abin ya shafi rayuwar mutum biyu da dangi biyu da dukiyar da aka daɗe ana tarawa, ya kamata a san yadda ake lissafin, da inda ya samo asali, da abin da yake iya faɗa da wanda ba ya iyawa.

Yadda ake fitar da lambar

Lissafin ba shi da wuya. Ana ɗaukar ranar da aka haifi mutum, da lambar watan haihuwarsa, da shekarar da ake son dubawa. Sai a riƙa haɗa alƙaluman kowane adadi har ya koma lamba guda tsakanin 1 da 9. Shekarar 2026, alal misali, ana haɗa 2 da 0 da 2 da 6, a sami 10, sannan a haɗa 1 da 0, a sami 1. Abin lura shi ne shekarar haihuwa ba ta shiga lissafin ko kaɗan. Saboda haka dattijo mai shekara saba'in da jikansa mai shekara bakwai, in dai rana da watan haihuwarsu ɗaya ne, lambarsu ɗaya ce a kowace shekara.

Masu wannan fanni sun raba wa kowace lamba hali. Sun ce 1 shekarar fara sabon abu ce, 2 ta haɗin kai da zama da abokin rayuwa, 3 ta raha da cuɗanya, 4 ta aiki tuƙuru da kafa harsashi, 5 ta sauyi da rashin zama wuri guda, 6 ta gida da iyali, 7 ta kaɗaici da tunani, 8 ta kuɗi da mulki, 9 kuma ta kammalawa da rabuwa. Game da aure, mafi yawansu sun fi yabon 2 da 6. Sukan yi gargaɗi a kan 5 da 7 da 9, musamman 9, wadda suke cewa abin da aka ƙulla a cikinta ba ya daɗewa. Bayan 9 sai a koma 1, haka abin ke juyawa har ƙarshen rayuwa.

Misali daga Yelwa da Ngaski

A ƙaddara wani matashi mai sana'ar busasshen kifi a kasuwar Yelwa, wanda aka haifa ranar 14 ga Maris, 2000. Yana neman wata malamar firamare daga ƙasar Ngaski, wadda aka haifa ranar 23 ga Agusta, 2004. Iyaye sun amince, ana maganar sa rana a 2026.

Nasa lissafin shi ne 14 da 3, wato 17, wanda ya koma 8. A ƙara 1 ta shekarar 2026, a sami 9. Nata kuwa 23 da 8, wato 31, wanda ya koma 4. A ƙara 1, a sami 5. Bisa hukuncin masu lambobi, shi yana shekarar rabuwa, ita tana shekarar rashin natsuwa, don haka a fasa bana.

To sai yaushe? A 2027 ita za ta shiga 6, shekarar da ake yabo, amma shi yana 1. A 2028 shi zai shiga 2, amma ita ta faɗa 7, wadda ake gudu. A 2029 yana 3 tana 8, a 2030 yana 4 tana 9, a 2031 yana 5 tana 1. Sai a 2032 ne shi zai kasance a 6 ita kuma a 2. Ke nan idan za a bi sharaɗin cewa dukansu biyu su kasance cikin shekara mai kyau, sai sun jira shekara shida, lokacin da zai cika shekara 32 ita kuma 28. Idan wannan ta kuɓuce musu, wata damar sai 2041.

Yanzu a sauya abu guda: a ce an haife ta bayan tsakar dare, takarda ta nuna 24 ga Agusta maimakon 23. Lambarta ta 2026 ta zama 6, alhali shi yana 9. A 2028 da yake 2, ita tana 8. A 2031 da take 2, shi yana 5. A 2032 da yake 6, ita tana 3. Ko da za su rayu shekara ɗari, babu shekarar da za su haɗu a cikin 2 ko 6. Bambancin kwana guda ya mayar da jiran shekara shida ya zama jiran da ba shi da ƙarshe.

Abin da ke ƙarƙashin lissafin

Wannan sakamako ba tsautsayi ba ne, haka lissafin ya gada. Haɗa alƙaluman adadi har ya koma lamba guda daidai yake da raba adadin da tara a riƙe ragowar. Ɗaliban firamare na amfani da wannan dabara wajen duba ko amsarsu ta yi daidai. A misalin saurayin, 14 da 3 da 2026 sun ba da 2043, wanda tara ke rabawa sau 227 ba ragowa, kuma inda babu ragowa sai a rubuta 9. A na budurwar, 23 da 8 da 2026 sun ba da 2057, a raba da tara ragowar 5 ce. Babu wani sirri da ya wuce wannan.

Abubuwa biyu suka biyo baya. Na farko, lambar kowa tana ƙaruwa da ɗaya a kowace shekara, don haka tazarar da ke tsakanin lambobin mutum biyu ba ta taɓa sauyawa. Kamar mutum biyu ne a kwalekwale ɗaya, ɗaya a goshi ɗaya a baya: duk nisan tafiya, na baya ba zai cim ma na gaba ba. Kafin masoya biyu su haɗu a 2 ko 6, dole lambarsu ta zama ɗaya, ko kuwa tazararsu ta zama irin wadda ke tsakanin 2 da 6, shi a gaba ko ita a gaba. Hali uku ke nan daga cikin tara da ke iya faruwa. Ma'ana, kusan biyu cikin uku na dukan masu neman aure a duniya ba su da shekarar da ta dace da su. Shi ya sa masu fannin kan sassauta, wani ya ce a duba na ango kawai, wani ya ce na amarya, wani ya ƙara 1 da 4 da 8 cikin shekarun da aka yarda da su. Idan aka ci gaba da sassautawa har ta kai kusan kowace shekara ta halatta, to lissafin bai zaɓi komai ba.

Na biyu, lambobi tara ne kacal aka raba wa 'yan Adam duka. Idan mutum ɗari tara suka cika kasuwar Yelwa ranar cinta, kimanin ɗari daga cikinsu lambarsu ɗaya ce. A cikin ɗarin nan akwai wanda zai yi aure bana ya ji daɗi, akwai wanda zai yi saki, akwai mai takaba, akwai yaron da bai san ma'anar aure ba. Lamba ɗaya ba za ta iya zama labarinsu duka ba.

Wace kalanda, wace ranar haihuwa?

Ko da an yarda da ma'anonin lambobin, akwai tambayar da Musulmin Yauri ba zai iya tsallakewa ba: da wace shekara za a yi lissafin? Ranar 14 ga Maris, 2000 ta zo daidai da 8 ga Zulhijja, 1420, kwana biyu kafin Babbar Sallah ta wannan shekara. A haɗa 8 da 12, a sami 20, wato 2. Shekarar Hijira ta 1448, wadda ke kamawa a tsakiyar Yunin 2026, tana komawa 8, domin 1 da 4 da 4 da 8 sun ba da 17. A haɗa 2 da 8, a sami 10, wato 1. Ke nan daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Disamban 2026, kalandar Miladiyya ta ce saurayin yana shekarar rabuwa, ta Hijira kuma ta ce yana shekarar fara sabuwar rayuwa. Mutum ɗaya, wata shida, hukunci biyu masu karo da juna. Kuma tunda shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, zagayen shekara tara na Hijira yana riga na Miladiyya ƙarewa da fiye da wata uku, don haka saɓanin ƙaruwa yake yi. A ƙara da cewa ganin wata kan bambanta da kwana guda tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma an riga an ga abin da kwana guda ke yi wa lissafin.

Su kansu masu fannin ba su daidaita ba. Wasu sun ce shekarar mutum na farawa ranar 1 ga Janairu, wasu sun ce sai ranar zagayowar haihuwarsa. A ra'ayi na biyu, budurwar nan ba za ta shiga 2 ba sai 23 ga Agusta, 2032, don haka auren da aka ɗaura a Afrilun wannan shekara ya yi daidai a wurin wasu, ya yi kuskure a wurin wasu. Haka kuma lissafinta na 2032 ya bi ta kan 11 kafin ya koma 2, kuma akwai masu cewa 11 babbar lamba ce da ba a ragewa, tana da nata hukunci dabam.

Matsala mafi girma a nan gida ita ce ranar haihuwar kanta. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa a Najeriya. Ma'aikata da 'yan kasuwa da yawa sun sami ranar haihuwarsu ne daga takardar rantsuwa a kotu, ko daga abin da malamin makaranta ya rubuta ranar ɗaukar ɗalibai. Shi ya sa 1 ga Janairu ta cika takardu. Duk masu wannan rana, lissafin zai ce musu 2025 ce shekararsu ta 2, 2029 kuma ta 6, alhali ranar ba ta uwa ba ce, ta magatakarda ce. Dattawan yankin sun fi ƙirga shekaru da manyan al'amura, kamar a ce an haifi wane shekarar da aka tashi mutanen gungu saboda madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968. Abin da Bahaushe ya fi riƙewa shi ne ranar mako, har ya mayar da ita suna: Ladi, Talatu, Laraba, Lami, Jummai, Asabe, Ɗanjuma, Ɗanladi. Wannan kuwa lissafin Turawan bai tanadar masa gurbi ba.

Inda abin ya fito

Masu tallar wannan lissafi kan jingina shi ga Fisagoras, masanin lissafi na Girka da ya rayu kimanin shekara ɗari biyar kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Gaskiya ne mabiyansa sun ɗauki lambobi da girma, amma ƙirgen shekarun Miladiyya da ake haɗawa a lissafin wani malamin kirista mai suna Dionysius Exiguus ne ya tsara shi a shekarar 525, kusan shekara dubu bayan mutuwar Fisagoras. Tsarin da ke yawo a wayoyi yanzu ɗan Amurka ne, na ƙarni na ashirin. Rubuce-rubucen L. Dow Balliett a farkon ƙarnin ne suka share masa fage, sannan Florence Campbell a 1931 da Juno Jordan a 1965 suka fitar da littattafan da suka yaɗa shi.

Ƙasar Hausa kuwa tana da nata lissafin tun kafin wannan, wato hisabi. Kowane harafin Larabci yana da adadi a tsarin abjadi. Malamai sun yi amfani da shi ta hanyar da ba ta da aibi, kamar ramzin da marubuta waƙoƙi ke sawa a ƙarshe don nuna shekarar da suka kammala. Akwai kuma masanan da suka yi zurfi a ilimin hatimi, irin su Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan tsara hatimai a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Amma masu duba sun ɗauki abjadi suka mayar da shi ma'aunin aure. Sukan haɗa adadin sunan namiji da na mace, wasu su ƙara sunayen iyaye mata, sannan a riƙa zubar da tara-tara, ragowar ita ce za ta ce akwai zama ko babu. Littafin da aka fi ambata a wannan harka shi ne wanda ake jinginawa ga Abu Ma'ashar, masanin taurari na Bagadaza da ya rasu a 886. Hisabi ya dogara da suna ne domin a al'ummar da ba a rubuta ranar haihuwa, suna shi ne abin da kowa ya sani.

Zubar da tara-tara na mai duba da haɗa alƙaluma na manhajar waya abu ɗaya ne, tufafi kawai suka bambanta. Kuma ciwonsu ɗaya. Abjadi iri biyu ne, na Gabas da na Magrib, kuma na Magrib ne ya fi yaɗuwa a Afirka ta Yamma. A na Gabas harafin sinun 60 ne, a na Magrib 300. Sunan Musa, wato mimun 40, wawun 6, sinun, da ya'un 10, zai ba da 116 a na Gabas, 356 a na Magrib. Sunan Zainab 69 ne a duka biyun. In an haɗa, na Gabas ya ba da 185, ragowarsa 5, na Magrib ya ba da 425, ragowarsa 2. Musa da Zainab ɗin nan ba su sauya ba, littafin da mai duba ya karanta ne ya sauya makomarsu.

Me ya sa yake kama da gaskiya?

Wanda aka gaya wa yana shekarar 9 zai waiwaya ya ga lallai wani abu ya ƙare masa: ciniki ya mutu, aboki ya ƙaura, wani dattijo ya rasu. Amma babu shekarar da irin wannan ba ya faruwa a cikinta. A 1948 wani malamin nazarin halayyar ɗan Adam a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa 39 takardar da ya ce bayanin halin kowannensu ne shi kaɗai. Suka auna dacewarta da su, matsakaicin makin ya kai kimanin 4.3 cikin 5. Daga baya ya bayyana musu cewa takarda iri ɗaya ya ba kowa. Magana mai faɗi kowa na samun kansa a ciki, kuma zuciya na riƙe inda aka dace ta manta inda aka kuskure.

Akwai kuma abin da ya fi wannan haɗari. Matar da aka gaya wa an ɗaura aurenta a shekarar rabuwa, duk saɓanin da ya taso za ta ɗauke shi alamar abin da aka faɗa, ta rage haƙuri, mijin ma haka. In auren ya mutu sai a ce lamba ta yi gaskiya, alhali tsoron lambar ne ya yi aikin.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi. A rubuta ranakun haihuwa da shekarun aure na ma'aurata ashirin da aka sani, goma da suka daɗe cikin zaman lafiya, goma da suka rabu. A ba mai lissafin ba tare da an gaya masa wane ne wane ba, a ce ya ware su. Idan lambar na ɗauke da labari, zai ware su daidai fiye da wanda ya yi canke.

Matsayin addini

A wurin malaman Musulunci, lissafi da kansa halal ne, da shi ake raba gado, a fitar da zakka, a san lokutan salla. Abin da aka hana shi ne da'awar sanin gobe ta hanyarsa. Ƙarshen Suratu Luƙman ya tabbatar da cewa babu ran da ya san abin da zai aikata gobe, kuma aya ta 65 ta Suratun Namli ta keɓe sanin gaibu ga Allah. Imam Muslim ya ruwaito gargaɗin cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi, ba za a karɓi sallarsa ta kwana arba'in ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da ya kore camfi, har ya ambaci watan Safar da sunansa.

Game da lokacin aure kuwa akwai hujja kai tsaye. Larabawan jahiliyya na camfa aure a watan Shawwal. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa a Shawwal aka ɗaura aurenta da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a Shawwal kuma ta tare, kuma takan so a kai matan danginta ɗakunansu a wannan wata. Idan ba a yarda a camfa wata guda ba, ina ga shekara sukutum? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a littafinsa Nurul Albab, ya yi kakkausan hukunci a kan masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa ko duban taurari. Abin da Sunna ta ba mai shakka shi ne shawara da istihara, wato raka'a biyu da addu'ar da mutum zai yi da kansa, ba wadda ake biyan wani ya kwana a kai ya zo da labari ba. Kiristocin yankin ma suna da irin wannan hani a babi na 18 na Littafin Maimaitawar Shari'a, inda aka haramta duba da camfi.

Farashin jira

Jira ba baƙon abu ba ne a al'adun wannan yanki. A wurin Dakarkarin Zuru, maƙwabtan Yauri, saurayi kan yi shekara bakwai yana noman golmo a gonar surukai kafin a ba shi mata. Amma wannan jira ne da ake ganin amfaninsa: ana gwada ƙarfinsa da haƙurinsa, rumbun surukai na cika. Jiran lamba ba ya gwada komai, ba ya kuma tara komai.

Abin da yake ci kuwa ana iya ƙirga shi. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. Ko da a ce ta sauka ta tsaya a kashi 15 a kowace shekara, lefe da kayan ɗakin da za a haɗa da naira miliyan ɗaya a 2026 za su kai kusan miliyan biyu da dubu ɗari uku a 2032. Ga kuma abin da kuɗi ba ya saye. Iyayen yarinya a ƙasar Hausa ba kasafai suke barin baiko ya yi shekara shida ba. Za a fara tambayar ko saurayin da gaske yake, wani manemin zai fito, kunya ta shiga tsakanin gidaje biyu da suka yi shekaru suna mutunci. Sau da yawa nauyin ya fi faɗawa kan macen, domin ita ake ƙirga wa shekaru. Kuma lissafin na iya zama mafaka ga wanda zuciyarsa ta riga ta sauya, ya ɗora laifin a kan lamba maimakon ya faɗi gaskiya a sallami 'yar mutane.

Idan ana neman lambar da ke faɗin wani abu na gaskiya game da gobe, akwai ta a asibiti. Namiji da mace masu rukunin jini AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu su haifi ɗa mai ciwon sikila. Wannan adadi ba ya sauyawa da kalanda, ba ya bambanta tsakanin Gabas da Magrib, kuma duk ɗakin gwajin da ya yi aikinsa daidai amsa ɗaya zai bayar. Saboda irin wannan ne Jihar Kano ta kafa dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure a 2024.

Sauran lissafin da ke gaban saurayin Yelwa da malamar Ngaski na fili ne: nawa sana'ar kifi ke kawowa a watannin da kasuwa ta ja baya, ko akwai ɗakin da za a sa amarya, ko za a iya yi mata canjin wurin aiki zuwa kusa da mijinta, me maƙwabta da abokan ciniki ke faɗa game da halin kowannensu, kuma ko waliyyai sun daidaita a kan sadaki. Idan waɗannan suka kammala a 2026, to 2026 ce shekararsu, ko lamba ta ce 9 ko ta ce 1. Idan kuwa ba su kammala ba, zuwan 2032 ba zai biya kuɗin haya ba, ba kuma zai gyara halin kowa ba.